Fashin Baƙi: Zugi da sagewar ƙafa ga mai ciwon suga, da yadda ake tsare ƙafar da ta daina ji

Ta yaya mai ciwon suga zai kwana yana kukan tafin ƙafarsa na ci da wuta, ko zanen rufa ba ya so ya taɓa shi, amma gari ya waye wannan ƙafar dai ta taka ƙusa ya wuni da ita bai sani ba? Wannan tambaya takan dawo bakin jama'a musamman idan hunturu ya kama, lokacin da zugin ke ƙaruwa da dare, ake jawo kaskon wuta kusa da ƙafa. Wasu su ce sanyi ne ya shiga ƙashi, wasu su ce an taka wani abin da aka binne. Idan gyambo ya fito kuma sai a ji 'yan'uwa na cewa kada a kai shi asibiti, yanke ƙafar za su yi.

Amsar tana cikin jijiya. Kusan rabin masu ciwon suga kan gamu da lalacewar jijiyoyin ƙafa a tsawon rayuwarsu. Abin da ya fi damuna a maganar shi ne, zugin da kowa ke kuka da shi ba shi ke cinye ƙafa ba. Shirun da ke biyo bayansa ne ke yin ɓarnar.

Wace jijiya ake nufi?

Kalmar jijiya a Hausa ta ɗauki abubuwa da yawa, kuma nan ruɗanin yake farawa. Akwai jijiyar jini, wadda ke kai jini ga gaɓoɓi. Akwai jijiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, irin ta agara. Sannan akwai jijiyar laka, farin zaren da ya taso daga lakar gadon baya ya ratsa har kan yatsu, wanda aikinsa kai saƙo ne da komowa da shi. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ƙasa ta yi zafi, ko tsakuwa ta shiga takalmi. Wannan ta ukun muke magana a kai.

Jijiyoyin laka na ƙafa aiki uku suke yi, ciwon suga kuwa ba ya barin ko ɗaya. Masu ɗaukar ji idan suka lalace, sai zugi da minjirya da sagewa. Masu motsa ƙananan tsokokin cikin ƙafa idan suka raunana, sai yatsu su fara lanƙwashewa kamar farcen shaho, kitsen da ke zama matashi a ƙarƙashin gindin yatsu ya gusa gaba, ƙashi ya koma yana dannar fata kai tsaye. Masu sa zufa idan suka mutu, sai fata ta bushe, kaushi ya yi yawa, faso ya tsage diddige. Ka ga ke nan ƙafa ɗaya ta haɗa abu uku: ba ta ji, nauyi na taruwa mata a wuri guda, fatarta kuma a tsage take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa ƙafa ce ke fara kamuwa?

Jijiyar laka ba ta jiran insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka da kitse, kafin suga ya shige ta. Idan ya yi yawa a jini, haka zai yi yawa a cikinta. Rarar takan rikiɗe ta zama wasu sinadarai da ke gajiyar da jijiyar daga ciki, wani kuma ya manne wa furotin ɗinta ya ɓata shi. A gefe guda, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar kanta suna kauri suna ƙuntata, abinci da iska su ragu mata. Hawan jini da yawan kitse a jini da ƙiba da shan taba duk suna ƙara wa wutar fetur.

Jijiyar da ta fi kowace tsawo a jiki ita ce mai zuwa yatsun ƙafa, takan kai mita guda a jikin babban mutum. Duk abin da ƙarshenta ke buƙata daga can sama ake turo shi, don haka idan wahala ta zo, ƙarshen ne ke fara mutuwa, kamar yadda gonar ƙarshen magudana ke fara bushewa idan ruwa ya ja baya. Shi ya sa abin ke farawa daga kan yatsu, a ƙafafu biyu kusan lokaci guda, ya hauro sannu a hankali cikin shekaru kamar ana jan safa. Sai ya kusa gwiwa ne yatsun hannu kan fara nuna alama.

Wannan tsarin yana da amfani wajen ganewa. Idan sagewar a ƙafa ɗaya ce kawai, ko ta zo farat ɗaya cikin kwanaki, ko ta faro daga hannu, ko tana tafe da ciwon baya mai harbawa zuwa ƙafa, to a nemi wani dalilin, kada a ɗora wa suga. Ko da ta bi tsarin ma, likita mai lura zai duba wasu abubuwa da kan ƙara ta'azzara ta. Babba a cikinsu shi ne ƙarancin bitamin B12, wanda maganin metfomin kan jawo ga wanda ya yi shekaru yana sha. Ba dalilin barin maganin ba ne, dalilin gwada jini ne a cike giɓin. Haka giya, da ciwon ƙoda, da ƙwayar aisonayazid ta maganin tarin fuka idan ba a haɗa ta da bitamin B6 ba.

Zugi ya tafi, an warke ke nan?

Jijiyar da ke kan lalacewa kamar wayar lantarki ce da rigarta ta saluɓe, tana tartsatsi ba tare da an kunna komai ba. Ƙwaƙwalwa kuwa duk saƙon da ya zo ta layin zafi, zafi take fassara shi. Daga nan ake jin ƙuna, ko suka kamar ta allura, ko fizga kamar lantarki, alhali idan ka taɓa ƙafar ba ta da zafi ko kaɗan. Abin ya fi tsanani da dare. Wannan layin da ke aika saƙon ƙarya shi ne kuma ya kasa aika na gaskiya, don haka ƙafa kan yi zugi kuma ta sage a lokaci guda. Babu cin karo a maganar.

Ba kowa ne ke jin zugin ba. Kusan rabin masu wannan lalura ba sa jin komai, ƙafar kawai ke yin shiru a hankali. Wani zai ce yana jin kamar da safa a ƙafarsa, wani kamar yana taka auduga. Wata za ta ce silifas na fita daga ƙafarta tana tafiya, sai an nuna mata. Wani kuma tangaɗi yake yi cikin duhu, ko idan ya rufe ido yana wanke fuska, saboda ƙafar ta daina gaya masa inda ƙasa take.

Ga inda ake yaudaruwa. Mutum ya yi shekara uku yana fama da zugi, ya sha jiƙe-jiƙe da ƙwayoyi, wata rana ya lura zugin ya lafa. Sai ya yi hamdala, ya yaba maganin da ya sha na ƙarshe. Wani lokaci sauƙi ne na gaske, musamman idan suga ya daidaita. Amma sau da yawa wayar ce ta gama tsinkewa, ba ta ko tartsatsin. Hanyar bambance su ɗaya ce, a gwada ko ƙafar na jin taɓi.

Abin da kuturta ta koyar

An daɗe ana zaton kuturta ce ke cin yatsu da kanta. Wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, Paul Brand, da ya yi aiki da kutare a garin Vellore na Indiya tun wajen ƙarshen shekarun 1940, shi ne ya nuna cewa akasarin ɓarnar ba daga nan take ba. Cutar jijiya take kashewa. Abin da ke cinye yatsun shi ne ƙananan raunukan da ake maimaitawa kullum a gaɓar da ba ta ji: ƙuna, takalmi mai matsi, taka wuri guda sau dubbai, har da ɓera da ke gaigayar yatsa cikin dare mai shi na barci. Da ya koma aiki a Carville ta Amurka, sai ya ɗauki wannan darasin ya ɗora a kan ƙafar masu ciwon suga.

Mai lafiyayyar ƙafa idan takalmi ya matse shi, ba tare da ya yi tunani ba zai sauya taku, ya ɗingisa, ya zauna ya cire. Hausawa suka ce jiki magayi. To a nan magayin ne ya yi shiru, sai ido da hannu su karɓi aikinsa.

Yadda gyambo ke farawa

Bari mu kwatanta da misali, ba wani takamaiman mutum ba, amma irin abin da ke faruwa. Dattijo ne mai shekara 58, yana sayar da yadi a kasuwa, shekara 9 da gano ciwon suga. Ya yi fama da zugi, bara ya lafa. A ƙarƙashin gindin babban yatsansa na dama akwai kanta mai tauri, wadda bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Kanta a ƙafar da ba ta ji kamar tsakuwa ce da aka ɗinke a cikin fata. Duk taku tana danna naman da ke ƙarƙashinta a jikin ƙashi. Bayan watanni naman ya fara dagargajewa, jini ya taru, wani ɗigo baƙi-baƙi ya bayyana a tsakiyar kantar. Tun a nan gyambon ya samu, rufe yake kawai.

Ranar Asabar mai yankan farce ya zo rumfa, dattijo ya ce ya rage masa kantar. Reza ta ɗan zarce, jini ya fito kaɗan, aka danne da auduga. Bai ji komai ba, ya ci gaba da harkarsa cikin silifas na roba, yana alwala, danshi da ƙurar kasuwa na shiga. A kwana na huɗu uwargida ta ga tabo a jikin silifas ɗin. Aka fasa kafso aka barbaɗa, aka ɗaure da ƙyalle, ya koma kasuwa, tunda ba ya ciwo. A kwana na goma ƙafar ta kumbura, wari ya fara, sugansa ya hau ya ƙi sauka duk da bai sauya abinci ba. Bakin ramin bai wuce girman ƙwayar wake ba, shi ya sa kowa ya raina shi, alhali mugunya ta bi jijiyoyin tafin ƙafa ta yi ciki. Mako biyu, zazzaɓi da rawar sanyi, aka sayi maganin maleriya. Sai a mako na uku aka kai shi asibiti. Likita ya zura ɗan ƙarfen gwaji a ramin ya ji ya taɓo ƙashi, alamar da ke nuna akwai yiwuwar ƙwayar cuta ta kama ƙashin. Aka cire babban yatsan da ƙashin bayansa don a tsira da sauran.

A duba sau nawa ƙofa ta buɗe a labarin nan. Da an ga baƙin ɗigon an kai wa ma'aikacin lafiya ya fere kantar da tsaftataccen kayan aiki, aka sauya takalmi, da maganar ta tsaya nan. A kwana na huɗu ma da sauran dama sosai, abin da raunin ke buƙata shi ne a wanke, a rufe, a daina taka shi. Wannan na ƙarshen shi ne wanda mutane ba sa yarda da shi. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa ana taka shi, ko da wane irin magani aka sa, domin kowane taku yana murƙushe sabon naman da ya tofo jiya. Shi ya sa a asibiti akan ɗaure ƙafar da filasta irin ta karaya, ko a ba da takalmi na musamman da sandar dogarawa. Mai jin zafi zafin ne ke zaunar da shi. Wanda ba ya ji kuwa sai an zaunar da shi da hujja.

Gwajin da za a iya yi a gida

A asibiti akwai wani siririn zaren roba da ake danna wa tafin ƙafa har ya lanƙwashe, wanda ke daidai da nauyin giram 10. Wanda bai ji shi ba, ƙafarsa ta rasa jin da ke tsare ta. Ƙa'ida ita ce a yi wa mai ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, wannan gwaji tun ranar da aka gano ciwon, domin yakan yi shekaru a jiki kafin a sani, mai nau'i na ɗaya kuma, wanda ya fi farawa tun ƙuruciya, bayan shekara 5, daga nan duk shekara. Idan ka je ganin likita, cire takalmi da safa tun kafin a ce ka cire. A layin da mutum hamsin ke jira, ƙafar da ke rufe ba kasafai ake duba ta ba.

Inda babu zaren, akwai gwajin da likitocin asibitin Ipswich na Ingila suka fito da shi, wanda ba ya buƙatar komai sai yatsa. Mai ciwon ya kwanta ko ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido. Wani ya ɗora kan yatsansa manuni a kan babban yatsan ƙafa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, wuri shida ke nan. Taɓi ne mara nauyi na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba dannawa, ba sosawa, ba maimaitawa. Duk inda ya ji ya ce na ji. Idan ya kasa jin biyu ko fiye a cikin shidan, a ɗauka ƙafar ta rasa ji, a je a tabbatar. Ɗa ko jika zai iya yin wannan cikin minti guda.

Zafi da takalmi da reza

Duba ƙafa kullum shi ne ginshiƙi, kuma mai salla yana da wata dama da ya kamata ya ci moriyarta, tunda sau biyar a rana yake kai hannu ga ƙafarsa. Ya zaɓi alwala ɗaya a cikin haske, ta azahar misali, ya mai da ita ta dubawa: tafin ƙafa, diddige, gefe, tsakanin kowane yatsu. Abin nema shi ne bororo, tsaga, ja, baƙin ɗigo, kumburi, ko wurin da ya fi sauran ɗumi. Wanda ciki ko ciwon gwiwa ya hana shi sunkuyawa ya ajiye madubi a ƙasa. Wanda suga ya taɓa masa ido ya sa wani ya duba masa, babu abin kunya a ciki. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu da ƙyalle, domin danshin da ke kwana a nan ne ke sa ruwa ya ci ƙafa, fata ta yi fari ta tsage. Da dare a shafa man kaɗanya ko basilin a diddige da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu. Idan akwai rauni da bandeji, shari'a ta yi rangwamen shafa a kai, a tambayi malami yadda ake yi maimakon a riƙa jiƙa shi.

Zafi shi ne maƙiyin da ya fi saurin ɓarna a ƙasarmu. Da hunturu, ƙafar da ke jin kamar sanyi ya shige ta ita ake miƙa wa kasko, mai ita ya yi gyangyaɗi, ya farka da bororo. Safa mai kauri mara matsi ita ce maganin wannan sanyin, ba garwashi ba. Ruwan wanka da na alwala a gwada shi da gwiwar hannu, ba da ƙafa ba, ba kuma da yatsun hannu ba idan su ma sun fara sagewa. Kada ya wuce ɗumin jiki, wato digiri 37. Gasa ƙafa da ruwan zafi, ko jiƙa ta cikin ruwan gishiri na tsawon lokaci don a rage zugi, a bar shi gaba ɗaya. Salansar babur ma ta ƙona ƙafafu da yawa. Da bazara kuma ƙasa ce ke zama kasko. Ranar Juma'a mutum ya cire takalmi a bakin titi ya taka kwalta ko siminti zuwa sahu da ƙarfe biyu na rana, wannan ya isa. A shiga da safa, a riƙe takalmi har gefen darduma. Mahajjata sun fi kowa shiga wannan haɗari, an sha ganin masu ciwon suga da tafin ƙafa ya saluɓe saboda takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci sun taka ƙasa zuwa masauki. A sa takalmin a jaka a shiga da shi, idan kuma ya ɓace a tsaya a inuwa a aika a sayo wani.

Takalmi kuwa, na san silifas ya fi sauƙi da araha, kuma ya fi dacewa da zafin garinmu. Amma mai igiya tsakanin yatsu yana goge fata, ƙaya da ƙusa na huda shi, duwatsu na samun yatsu. Abin da ya dace shi ne sau-ciki ko kambas mai faɗin baki, mai taushin ciki da kaurin ƙasa, wanda ya fi ƙafa tsawo da santimita 1 zuwa 2. A saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Kada a dogara da jin cewa ya yi daidai, domin mai sagaggiyar ƙafa yakan zaɓi mai matsi, shi ne yake iya jin sa a ƙafarsa. Dabara mai kyau ita ce a tsaya a kan kwali a zana ƙafar, a yanke, a zura a takalmin. Idan kwalin ya naɗe, takalmin ya yi kaɗan. Sabon takalmi, har da na salla, a fara sa shi awa ɗaya ko biyu a cire a duba ko ya bar ja. Kullum kafin a sa, a kife shi a kakkaɓe, a zura hannu a shafa ciki. Farar safa tana da wani amfani, ko ɗigon jini ne za ta tona. Kuma ko a tsakar gida kada a yi tafiya ba takalmi.

Farce a yanke shi a miƙe bayan wanka, kada a bi kusurwa ana tono, a goge bakin. Reza ba ta da hurumi a wannan ƙafa, ko a hannun mai ita, ko a hannun mai yankan farce, ko wanzami. Haka tsaga da ƙaho da magungunan cire kanta masu cin fata.

Iyakar abin da magani ke yi

Jijiyar da ta mutu ba kasafai take dawowa ba, kuma babu allura ko jiƙo da aka tabbatar yana tayar da ita. Allurar bitamin da ake yawan yi tana amfani ne ga wanda ke da ƙarancinsa. Abin da daidaita suga ke yi shi ne hana lalurar zuwa ko rage mata gudu. Wani babban bincike da aka fitar a 1993 a kan masu nau'i na ɗaya ya nuna tsananta kula da suga ya rage kamuwa da ita da kusan kashi 60 cikin 100. Ga masu nau'i na biyu tasirin bai kai haka ba, sai an haɗa da kula da hawan jini da kitse da motsa jiki da barin taba. Ga yawancin manya ana son gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya zauna ƙasa da kashi 7. A sauko da shi a hankali, domin faɗowa da sauri daga sama sosai kan tayar da zugi mai tsanani na ɗan lokaci.

Zugin kansa ba ya jin farasitamol ko diklofenak, na biyun ma yana iya cutar da ƙodar da suga ya riga ya raunana. Magungunan da ke aiki su ne masu kwantar da tartsatsin jijiya: amitiriftilin, firegabalin, gabafentin da duloksetin. Ana farawa da kaɗan a ƙara sannu, sai an yi makonni ake gane amfaninsu, kuma nasara a nan ita ce zugin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, mutum ya samu barci. Suna kawo jiri da magagi, abin da ke iya kayar da dattijon da dama ƙafarsa ba ta jin ƙasa, don haka likita ne zai zaɓa ya auna, yana duba zuciya da ƙoda. Tiramadol ba hanyar bi ba ce, jaraba yake bari. Kuma duk cikinsu babu mai dawo da ji. Wanda zuginsa ya lafa da ƙwaya, ƙafarsa na nan a sage.

Asibiti ne ke yanke ƙafa?

Tsoron mutane yana da tushe. Sun ga an shiga da mutum da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, ga tsadar jinya, ga nisa, ga ƙarancin ma'aikatan da suka ƙware a kan ƙafa. Mai magani a gida kuwa yana kusa, yana da sauƙin kuɗi, kuma ba ya maganar yanka. Sai dai mafi yawan yankewar da ake yi wa masu ciwon suga, kusan kashi 85 cikin 100, gyambo ne ya gabace ta, gyambon kuma ya yi makonni ko watanni a gida. Tsoron yanka ke kawo jinkiri, jinkirin ya kawo yankan, maƙwabta su gani tsoronsu ya ƙaru.

Duk wani buɗaɗɗen rauni ko bororo a ƙafar da ba ta ji, a wanke da ruwa mai tsafta, a rufe da bandeji, a daina takawa, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana guda, a kuma tambayi batun allurar tetanus. Kada a zuba toka ko gishiri ko garin kafso ko man birki. Idan akwai ja mai yaɗuwa, ko mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, ko suga ya hau ba dalili, ko yatsa ya yi baƙi, ranar za a tafi, kuma babban asibiti. Rashin zazzaɓi ba ya nufin raunin ba shi da haɗari, mai ciwon suga kan ɗauki mummunar cuta a ƙafa jikinsa da sanyi. A tabbata an taɓa bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu, domin idan hanyoyin jini sun toshe, raunin ba zai rufe da wanki kaɗai ba. Alamar toshewar ita ce ƙafa mai sanyi, da ciwon sha-raɓa da ke zuwa in ana tafiya ya tafi in an tsaya.

Akwai wani yanayi da ake yawan kuskurewa ko a asibiti. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ja, ta fi 'yar'uwarta ɗumi sosai, babu rauni, ciwon kuma bai taka kara ya karya ba. Sai a ce targaɗe ne a kai wa mai ɗori ya murza, ko a ba da maganin ƙwayoyin cuta a sallame shi. Yana iya kasancewa ƙasusuwan tsakiyar ƙafar ne ke karyewa suna zamewa, abin da likitoci ke kira ƙafar Charcot. Hoton farko ma kan fito lafiya lau. Idan aka ci gaba da takawa, cikin makonni tafin ƙafar zai rufta ya turo ƙasa kamar gindin ƙwarya, wurin ya zama matattarar gyambo. Maganinsa filasta ce da hana takawa na watanni, tun daga ranar da aka yi zargi.

Wanda gyambonsa ya rufe kuma bai fita daga layi ba. Kusan mutum 40 cikin 100 yakan dawo musu cikin shekara guda, sau da yawa a wurin da ya fara, tunda ƙashin da ya danna fatar yana nan inda yake. Irin wannan mutum ana so ma'aikacin lafiya ya duba ƙafarsa duk wata ɗaya zuwa uku, a fere kanta da zarar ta taso, kuma kada ya koma cikin takalmin da ya jawo raunin farko.